Idan Bim Ya Tare wa Bututun Iska Hanya

Wanda ya shiga babban ofis ko asibiti ko otal, ya ji sanyi yana sauko masa ta wasu 'yan tagogi masu raga a jikin silin, bai cika damuwa da abin da ke can sama ba. Da zai sa tsani ya ɗaga falle ɗaya ya leƙa da tocila, da ya ga kasuwa. Ga wayoyin lantarki kwance a kan tirensu, ga bututun ruwan kashe gobara, ga na ruwan famfo, ga kuma babban yayansu, wani dogon akwatin ƙarfe mai kusurwa huɗu da aka lulluɓe da riga mai ƙyalli. Shi ne bututun da ke ɗauko iska mai sanyi daga injin yana rarraba ta ɗaki-ɗaki. Dukansu suna neman hanya ne a cikin ɗan sararin da ke tsakanin silin da dakin, wato rufin kankaren da yake shi ne kuma daɓen bene na sama. A cikin wannan sarari akwai mai gida wanda ba ya matsa wa kowa: bim, kankaren nan mai rodi da ke kwance daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi yana ɗauke da nauyin bene.

Waya tana lanƙwasa, ƙaramin bututun ruwa yana iya sunkuyawa ya wuce. Bututun iska kuwa ƙato ne, bim kuma ba ya gusawa, don haka rigimarsu tana da yawa a manyan gine-gine. Idan suka yi karo, ɗan kwangila ba shi da ikon yanke hukunci da kansa. Sai ya rubuta wa masu zanen ginin takardar neman bayani, wadda a fam ɗinta ake rubuta RFI. A Najeriya da Turanci aka fi rubuta ta, amma harshen ba shi ne matsalar ba. Matsalar ita ce da yawa daga cikin irin waɗannan takardu ba su amsuwa. Wani bincike da kamfanin Navigant ya fitar a 2013, wanda ya duba irin waɗannan tambayoyi sama da miliyan ɗaya daga ayyuka fiye da 1,300, ya nuna cewa amsa kan ɗauki kusan kwana goma, kuma kamar ɗaya cikin biyar ba a amsa su ko kaɗan.

Mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. Ofis ne mai hawa huɗu, an zuba kankare har zuwa rufin hawa na biyu. Masu aikin iska sun zo da tef suna awon korido domin su je shago su lanƙwasa ƙarfe, sai shugabansu ya ɗaga kai ya ga bim ya gitta daidai inda bututunsa zai bi. Ya kira injiniyan ɗan kwangila: "Injiniya, zo ka gani, nan fa ba hanya." Injiniya ya ɗauki hoto da wayarsa, ya koma ofis ya rubuta layi biyu: bututun iska ya ci karo da bim a hawa na biyu, a ba mu shawara cikin gaggawa.

Yanzu mai karatu ya ɗauki kansa a matsayin wanda takardar ta je wa. Yana zaune a wani gari, ayyuka biyar ne a gabansa, rabonsa da zanen wannan gini wata takwas. Hawa na biyu yana da bim wajen sittin. Wanne? Bututun da ke kai iska ne ko wanda ke dawo da ita? Karon na ɗan yatsa ne ko na kamu guda? An zuba bim ɗin ko yana cikin katako tukuna? Hoton ba ya nuna komai sai toka-tokar kankare, wanda zai iya zama na kowane gini a duniya. Ba abin da zai iya yi sai ya mayar da tambaya a kan tambaya. Kwana uku zuwa, kwana uku dawowa, mako ya tafi ba a soma maganar ba. An ce matambayi ba ya ɓata, to amma wanda ya tsayar da mutum a hanya ya ce "ina ne gidan nan?" bai faɗi gidan wa ba, ya ɓata ya kuma ɓata wa wani lokaci.

Abin da ya kamata mai rubutu ya sa a gaba guda ɗaya ne: ya rubuta yadda mai amsa zai ba da amsa daga kan kujerarsa, ba sai ya buɗe zane goma ba, ba sai ya buga waya ba.

Na farko shi ne adireshi. Kowane babban gini ana shata shi a takarda da layuka masu gittawa, na wannan ɓangare a ba su haruffa, na wancan a ba su lambobi, ginshiƙai kuma suna tsaye a mahaɗarsu. Idan ka ce layin C tsakanin 4 da 5, ka nuna bim ɗaya tak. Amma a nan akwai wani rami da ƙwararru ma suke faɗawa. Bututun da ke cikin silin hawa na biyu yana kan zanen iska na hawa na biyu. Bim ɗin da ya tare shi kuwa, tun da daɓen hawa na uku yake ɗauke da shi, yana kan zanen ƙashin gini na hawa na uku. Idan ka rubuta "bim na hawa na biyu", injiniyan ƙashin gini zai buɗe takardar bim ɗin da ke ƙarƙashin ƙafarka, ya duba ya ga ba matsala, ya ce maka ba matsala. Shi ya sa ake faɗar lambar kowane zane, da lambar bim ɗin, da kuma harafin gyaran da ke kusurwar takardar. Zane yakan sha gyara sau uku ko huɗu kafin a gama gini, kuma sau da yawa asalin karon shi ne an ƙara wa bim zurfi a gyara na uku, mai zanen iska kuwa yana aiki da na farko.

Na biyu shi ne awo, kuma nan ne aikin yake. Zanen gini da milimita ake rubuta shi, dubu ɗaya ita ce mita guda. A misalinmu, daga saman tayil zuwa cikin dakin akwai 3400. Mai zanen gini yana son silin ya tsaya a 2700, silin da ƙarafansa kuma sun ci 50, don haka bayansa yana 2750. Wato tsakanin silin da dakin akwai sararin 650. Bututun faɗinsa 600, tsayinsa 400. Mai zanen iska ya ga 400 za ta shige cikin 650 har da canji, ya ja layinsa ya wuce. Abin da bai lura da shi ba, saboda zanen ɗakuna da ya ɗora aikinsa a kai ba ya nuna shi, bim ya zazzago ƙasa da dakin da 450. Cikin bim yana 2950 daga tayil. A ƙarƙashinsa sararin da ya rage 200 ne kacal.

Shi ma bututun ba 400 yake ci ba. Lambar da ke kan zane awon tsirarar ƙarfe ce. Dole a sa masa riga, domin ƙarfe mai sanyi a cikin iska mai ɗumi da laima yana yin gumi, kamar yadda kwalbar lemo ke yi idan an ciro ta daga firiji. Riga mai kaurin 25 sama da ƙasa ta mayar da shi 450. Ga leɓen da ake haɗa gaɓa da gaɓa da shi, ga ƙarfen da ke tallafe shi ta ƙasa, ga ɗan numfashi tsakaninsa da kankare: a ƙara 50. Buƙata 500, abin da ke akwai 200, giɓi 300. Waɗannan lambobi uku su ne zuciyar takardar. Wanda ya rubuta su ya yi wa mai amsa rabin aikinsa.

Sai dai a faɗi daga ina aka yi awon, kuma da me. Idan ba a sa tayil ba tukuna, wanda ya ɗora tef a kan tsirarar kankare zai sami 3000, ba 2950 ba, domin tayil da simintin ƙarƙashinsa za su ci 50. Wannan hamsin ɗin ta sha jawo gardama tsakanin mutane biyu masu gaskiya. Akan ja layi a jikin ginshiƙi daidai mita ɗaya sama da inda tayil zai tsaya, kowa ya yi awo daga nan. Haka kuma a bambanta abin da zane ya ce da abin da tef ya nuna, domin katakon zubi yakan saki, bim ya fito da ciki fiye da yadda aka zana. Hoto kuwa ba ya amfani sai an ga tef a miƙe a cikinsa, an ga sunan layin a rubuce da alli a jikin ginshiƙi. Wanda ya fi hoton ma shi ne ɗan zane na hannu, kamar an yanka wurin da wuƙa ana kallonsa ta gefe: ga dakin, ga bim, ga bututu, ga silin, kowanne da lambarsa. Minti goma ya ishe shi, ba ya bukatar gwaninta.

Akwai jimla ɗaya da ake yawan mantawa, alhali ita ce ke raba hanya: an riga an zuba bim ɗin ko kuwa? Idan yana kan takarda, injiniya yana da zaɓi da yawa. Zai iya rage masa zurfi ya ƙara masa faɗi da rodi, ko ya matsar da shi, ko ya tsara ƙofa a jikinsa ya kewaye ta da ƙarin rodi. Idan kankare ya bushe, yawancin ƙofofin nan sun rufe. A misalinmu na hawa na biyu ya bushe, na hawa na uku kuwa saura kwana goma sha biyu a zuba. Wannan ya cancanci takarda ta biyu mai lambarta daban, domin tambaya ce daban, ga mutum daban. Takarda ɗaya, tambaya ɗaya. Wanda ya cusa tambayoyi huɗu a fam guda, mai wuyar cikinsu za ta riƙe sauran ukun.

Kada ka je hannu rabbana

Wasu injiniyoyin ɗan kwangila suna ganin kawo shawara shisshigi ne, wai zane aikin masu zane ne. Ni ban yarda ba. Hukunci nasu ne, babu ja. Amma wanda ke tsaye a ƙarƙashin bim shi ya san abin da ke kewaye da shi, kuma "ko kun yarda a yi kaza?" ta fi "yaya za a yi?" saurin samun amsa nesa ba kusa ba. Sharaɗin dai shi ne ya san abin da kowace mafita za ta ci.

Abin da ke fara zuwa ran lebura da ma wasu masu gini shi ne a fasa bim. Ga injin fasa kankare a ajiye, awa biyu an gama. A nan ne garin neman gira ake rasa ido. Bim idan ya ɗauki kaya, a tsakiyarsa samansa matsewa yake yi, ƙasansa kuma yana miƙewa. Kankare gwanin jure matsi ne amma rago ne wajen jure ja, shi ya sa ake jera manyan rodi a can ƙasa. Kusa da ginshiƙi kuma ƙarfin da ke neman tsage shi a karkace ya fi yawa, don haka ake matso da zobban rodi kusa da juna a wurin. Ƙaramin rami mai da'ira na wucewar bututun ruwa, a tsakiyar zurfin bim, a inda injiniya ya nuna, abu ne da ake yi kullum. Amma bututun da ke son 450 a jikin bim ɗin da duk abin da ya zazzago da shi 450 ne, wannan ba rami ba ne, cire bim ne. Wasu gine-ginen ma suna da igiyoyin ƙarfe da aka ɗame da inji a cikin kankaren, yanke ɗaya yana iya halaka mai yankan nan take. A takarda mai kyau akan rubuta a fili cewa ba a neman taɓa bim. Da wannan jimla injiniyan ƙashin gini ya fita daga layin masu amsa, an rage mutum ɗaya da za a jira.

Mafita ta biyu ita ce a matse bututun. Ita ma tana da iyaka. A ce yana ɗauke da lita 1,200 na iska a kowace daƙiƙa. A bakin 600 da 400, iskar tana tafiyar mita 5 a daƙiƙa, cikin natsuwa. Idan aka rage tsayin zuwa 200 aka bar faɗin yadda yake, hanya ta ragu da rabi, gudun ya koma mita 10. Turjiyar da iska ke sha kuwa ba ninki biyu take yi ba, tana kai ninki huɗu har ta wuce. Sakamakon shi ne ƙugi a korido, fanka tana wahala tana shan wuta, ɗakunan ƙarshe kuma suna zufa. Dabarar ita ce abin da aka rage a tsayi a mayar da shi a faɗi, amma masu wannan sana'a ba su son faɗi ya wuce tsayi ninki huɗu, domin bututu mai fale-fale da yawa ya fi turjiya, ya fi cin ƙarfe, bangonsa kuma yana kaɗawa kamar ganga. Don a shige cikin 200 ɗin nan har da riga, sai bututu mai tsayin 150 da faɗin 1600. Ba zai yiwu ba.

Abin da zai yiwu shi ne a raba asarar. Bututu ya koma faɗi 1000, tsayi 250: bakinsa bai ragu ba, kuma yana daidai kan iyakar ninki huɗu. Da riga da maratayi yana cin 350. Har yanzu saura 150, sai silin korido ya biya, ya sauko daga 2700 zuwa 2550. Tun da irin wannan bim ya sake gittawa a layin D da E, gara bututun ya sauko sau ɗaya ya wuce su duka, maimakon ya riƙa hawa da sauka, domin kowace lanƙwasa tana cin ƙarfin fanka. Yanzu tambayar ta rabu biyu a fili. Injiniyan iska zai ce ko fankarsa za ta ɗauki ɗan ƙarin turjiyar. Mai zanen gini zai ce ko ya yarda da silin da ya sauko.

Idan aka juya takardar zuwa Hausa, ga yadda za ta karantu:

"Lamba 47. Zuwa ga injiniyan iska da mai zanen gini. Kwafi ga injiniyan ƙashin gini. Batu: bututun kai iska ba zai wuce ƙarƙashin bim B12 ba, koridon hawa na biyu, layin C tsakanin 4 da 5. Haka abin yake a layin D da E. Zane M-201 gyaran B ya nuna bututu 600 da 400. Zane S-301 gyaran C ya nuna bim mai zurfin 600 har da dakin. An riga an zuba shi. Mun auna cikin bim a 2950 daga saman tayil, bayan silin yana 2750, sarari 200. Bututu da riga da maratayi yana buƙatar 500. Giɓi 300. Shawararmu: bututu ya koma 1000 da 250 daga kafin layin C har bayan E, silin korido ya sauko zuwa 2550 a wannan tsakani. Koridon faɗinsa 1800, tiren waya da bututun gobara za su sami wuri a gefe, amma fitilu sai sun matsa. Ba mu neman taɓa bim. Tambaya: kun amince? Muna buƙatar amsa zuwa Alhamis, domin shago na buƙatar kwana goma ya haɗa bututun, masu silin kuma za su shigo nan da mako uku. Wannan canji zai iya shafar kuɗi. Haɗe: hotuna biyu da zanen gefe."

Babu zargi a ciki. Ba a ce wane ya yi sakaci ba, ko da ya yi. Takardar da ta fara da neman mai laifi takan tsaya a teburin manaja ana auna kalmomin amsarta, maimakon ta je hannun wanda ya san fanka. Babu kuma kalmar gaggawa. Idan kowace takarda gaggawa ce, mai amsa ya daina ganin kalmar. Rana da dalilinta su ke motsa shi.

A yau manyan ofisoshi suna haɗa zanen kowa a kwamfuta da manhajoji irin su Revit da Navisworks, na'ura ta nuna duk inda abu ya shiga cikin abu tun kafin a haƙa harsashi. Taimako ne babba. Amma rahoton yakan fito da karo ɗaruruwa, kuma idan ba a zana riga da maratayi a ciki ba, zai ce hanya a buɗe take alhali a rufe take. Tura wa mai zane hoton ja da kore daga allo, ba awo ba tambaya, daidai yake da layi biyun nan na farko.

Amsa idan ta zo, a rubuce ake son ta. "Injiniya ya ce a ci gaba" a waya ba amsa ba ce. Idan an yi magana da baki, a rubuta abin da aka fahimta a tura a sa hannu. Masu koyar da injiniyoyi har yau suna ba da labarin otal ɗin Hyatt Regency na Kansas City a Amurka. Ranar 17 ga Yuli 1981 wasu gadojin tafiya guda biyu da aka rataye a cikin zauren otal ɗin suka rufto, mutum 114 suka mutu. An zana su ne a kan dogayen sandunan ƙarfe masu zarcewa, sai masu ƙera ƙarfen suka ga zai fi sauƙi a raba kowane sanda biyu. Canjin ya ninka nauyin da ke kan mahaɗar gadar sama, kuma ya wuce da hatimi ba tare da wani ya zauna ya yi lissafinsa ba. A ido, ƙaramin gyara ne don sauƙin aiki.

Haka kuma amsar tambaya ba umarnin biyan kuɗi ba ce. Idan sabon bututu ya fi tsada, ɗan kwangila ya nemi umarnin canji a rubuce kafin ya yanka ƙarfe, in ba haka ba ranar lissafi za a ce masa ai shi ya kawo shawarar. Sannan a gyara zane, domin wanda zai zo gyara bayan shekara goma ya san abin da ke sama.

Inda aka yi shiru aka murɗe abin a wurin aiki, ginin da kansa yakan tona asiri. Tabon ruwa a silin da ke bin layin bim yana nufin an yage rigar bututu don ya shige, yanzu yana gumi. Fito ko ƙugi a wuri ɗaya cikin korido alama ce ta matsi. Ɗakin ƙarshe da ba ya sanyi duk da injin yana aiki, a duba hanyar kafin a zagi injin. Mafi muni shi ne tsaga mai karkata da ta taso daga kusurwar rami a jikin bim, ko bakin rodi da aka yanke yana tsatsa.

Kai da kake gina bene da kuɗinka, kafin masu silin su rufe, ka hau tsani ka bi koridon da tocila. Duk ramin da ka gani a jikin bim, ka ce a nuna maka takardar da injiniya mai rajista da COREN ya sa wa hannu a kansa. Idan babu, kada a rufe silin.